Na ce a cire kujera mai majingini, sai aka sake zana mini irinta

Tambaya: Malam, ina da hoton ɗaki, a cikinsa akwai kujera mai majingini kusa da taga, ina son mayar da ita 'yar tsugunno. Na shafe ta da burushin Inpaint, mai nuna gurbin da za a sake zanawa, a manhajar zana hoto ta Stable Diffusion, na rubuta `remove the chair and put a stool`, amma kullum sai wata mai majingini ta sake fitowa. Ina matsalar take?

Amsa: Malam, matsalar tana cikin jimlar da ka rubuta, kuma wannan kuskure yana damuna ƙwarai saboda yawan masu faɗawa cikinsa. Akwatin rubutun nan ba wurin aike ba ne, wurin siffanta abin da kake son gani ne a cikin gurbin da ka shafe. Manhajar ba ta ɗaukar `remove` a matsayin umarni. Abin da take yi shi ne ta tattara sunayen abubuwan da ka ambata, ta nemi surar da ta dace da su. Tunda ka ambaci `chair` da hannunka, kai ne ka sake kiran kujerar da kake kora. Don haka kada sunan tsohon abu ya shiga wannan akwati ko kaɗan.

Kalmar `stool` ita kaɗai ma ba ta wadatar ba, domin ta haɗa doguwar kujerar gaban kantar shago mai ƙafafun ƙarfe, da gajeriyar da ake ɗora ƙafa a kai, da ta katako mai ƙafa uku. Idan ba ka zaɓa ba, manhajar za ta zaɓar maka, kuma da yake gurbin da ka shafe dogo ne, ba abin mamaki ba ne ta cike shi da doguwa. Ni ɗabi'ata ita ce in fara da tsayi da siffa, sannan abin da aka yi ta da shi, da yawan ƙafafu, da launi, daga nan in ambaci abin da take kai da abin da ke bayanta, in rufe da inda haske yake fitowa. A mu ce ƙasan ɗakinka tayil ne, bangon fari ne, tagar kuma tana hagu:

```
low round wooden stool, three legs, dark brown, on tiled floor, plain white wall behind, soft daylight from the left
```

Ka lura da ambaton bango, domin nan ne mutane suka fi yin sakaci. 'Yar tsugunno ta fi tsohuwar kujerar gajarta nesa ba kusa ba, saboda haka rabin gurbin na sama, inda majinginin yake a da, zai zama fili. Idan ba ka faɗi abin da zai cike wannan fili ba, manhajar takan ƙirƙiro wani abu, kuma abin da ya fi mata sauƙi shi ne wani majinginin. Sunan tsohuwar kujerar kuwa, ga inda ya dace ka sa shi, wato akwatin Negative prompt, inda ake rubuta abin da ba a so ya fito:

```
chair, backrest, armrest
```

Idan ka gyara rubutun amma har yanzu kana ganin inuwar sandunan majingini a jikin bango, to laifin ya tashi daga rubutu ya koma kan saiti. A AUTOMATIC1111, ɗaya daga manhajojin da ake sarrafa Stable Diffusion da su, idan Masked content yana kan original, manhajar tana fara zane ne daga surar tsohuwar kujerar, kuma matuƙar Denoising strength, wato lambar yawan sauyin da za a yi, ya yi ƙasa, kamar 0.4, launi kawai za ta sauya ta bar siffar yadda take. Mayar da Masked content kan fill, ka ɗaga Denoising strength zuwa 0.75 ko sama, sannan ka fitar da hotuna huɗu a lokaci guda ka zaɓi wanda ƙafafunsa suka cika uku, domin manhajar takan kuskure ƙirga ko da ka rubuta adadin.

Tambaya daga wata: Tawa 'yar tsugunnon ta fito daidai, amma kamar tana shawagi a sama.

Amsa: Kin shafe kujerar kin bar ƙasa. Faɗaɗa gurbin ya haɗa da tsohuwar inuwar da ɗan fili a gindin ƙafafu, sannan ki ƙara `soft shadow on the floor` a ƙarshen rubutun.

Tambaya: Zan iya rubuta bayanin da Hausa?

Amsa: A Stable Diffusion, a'a, domin galibin rubutun da aka horar da shi a kai na Turanci ne. Ka kuma yi hattara da manhajar fassara, saboda kalmar kujera a wurinmu ta haɗa mai majingini da marar shi, ita kuwa za ta ba ka `chair`. Ka duba da idonka cewa `stool` ne ya shiga akwatin kafin ka danna Generate.