Yaron da na kora ya ci bashi da sunana

"Na kori yaron shagona watan jiya. Sai ga dilan da nake sarin shinkafa a wurinsa a kasuwar Singa ya ce yaron ya karɓi buhu 40 bashi da sunana bayan korar. Dole ne in biya?"

Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Ina aikin lauya, kuma irin wannan rigima ta sha zuwa gabana. Abin da zan fara tambayarka shi ne: ka sanar da dilan cewa kun rabu?

A dokar da muka gada daga Ingila, wadda Babbar Kotu ke aiki da ita, izinin wakili iri biyu ne. Akwai na haƙiƙa, wato abin da ka ba yaron da bakinka ko a rubuce, da abin da aikinsa ya ƙunsa bisa al'adar kasuwa. Wannan ya mutu ranar da ka kore shi. Akwai kuma na zahiri, wanda ya danganta da abin da kai ka nuna wa dilan. In ka saba aika yaron ya ɗauko kaya bashi, daga baya ka biya ba musu, to halinka ya gaya wa dilan cewa hannun yaron hannunka ne. Kora a cikin shago ba ta goge wannan sai labari ya isa kunnensa.

An yi shari'a kusan irin taka a Ingila a 1857, ta Summers da Solomon. Wani ya sa ɗan ɗan'uwansa kula da shagon kayan ado, yana karɓo kaya bashi ana biya. Bayan ya bar aikin ya je Landan ya karɓi kaya da sunan mai shagon ya gudu. Kotu ta ce mai shagon ya biya, tunda bai sanar da mai kayan ba. A ganina hukuncin ya yi daidai, domin kai kaɗai ka san an rabu.

Amma kana da mafita. Zahirin dole ya fito daga gare ka, cewar yaro "Alhaji ne ya aiko ni" ita kaɗai ba hujja ba ce. In kullum da kuɗi a hannu kake aika shi, ko buhu 5 zuwa 10 ya saba ɗauka, ko dilan ya saba kiranka kafin ya saki kaya amma ran nan bai kira ba, to buhu 40 ya isa ya sa shi shakka. Haka in ya riga ya ji labarin korar, ko daga bakin wa, ba shi da haƙƙi a kanka.

Kada ka yi gaggawar biyan wani ɓangare don a zauna lafiya, kada kuma ka karɓi ko buhu ɗaya daga kayan, ana iya ɗaukarsa amincewa da cinikin gaba ɗaya. Nemi littafin bashin dilan ka ga kwanan wata da sa hannu, ka tattara tsofaffin rasitanku. Yau ɗin nan ka tura wa duk dilolinka saƙo a rubuce cewa yaron ba ya tare da kai. In ta kai ka biya, kana da damar bin yaron a kotu ya mayar maka da kuɗinka.