Baƙin kaya da ruwan wanki

"Gwaggo, baƙar doguwar rigata ta koɗe ta koma toka-toka, ga kuma sabon baƙin siket da na saya yana zuba, har ya ɓata wa maigidana farar riga. An ce mini mutanen zamanin da a ruwan gishiri suke jiƙa baƙin kaya ya kwana. Wata kuma ta ce in dafa ganyen shayi in tsoma rigar. Wanne ne gaskiyar al'adar?"

'Yata, da aka karanta mini saƙonki sai da na yi murmushi a kan maganar shayin nan, amma da aka zo kan farar rigar mijinki hankalina ya ɗan tashi, don ba ki gaya mini ko kin riga kin shanya ta ba, ko ma kin sa mata dutsen guga. Idan tana nan da damshinta, ki ajiye karatun nan ki mayar da ita cikin ruwa tukuna, sannan ki dawo.

Abin da ya sa na ce haka, ya taɓa faruwa da ni ina yarinya, ban wuce shekara 12 ba. Inna ta ba ni wanki, a ciki akwai sabon baƙin zanenta wanda ruwa bai taɓa taɓa shi ba, da farar rigar Baba ta auduga. Ni kuwa ina so in nuna na iya aiki. Na ɗora ruwa ya yi zafi, na zuba sabulu har kumfa ya cika baho, na danna kayan duka a ciki, na tafi abina wai su jiƙu dauɗa ta saki. Da na dawo na ture kumfan da hannu, ruwan da ke ƙasa ya zama baƙi ƙirin. Na ɗago rigar Baba, ga ta dabbare-dabbare, inda ta kwanta a jikin zanen ya yi shuɗi-shuɗi mai duhu, har sawun naɗin zanen ya fito a bayanta layi-layi. Gabana ya faɗi. Tsoro ya sa na matse ta na kai ta bayan ɗaki na shanya a rana, ina fatan idan ta bushe tabon zai gudu.

Kakarmu ce ta gan ta. Lokacin hannu ɗaya da kafaɗa sun bushe ƙayau, sauran jikin da damshi. Ba ta daka mini tsawa ba. Ta sauke rigar ta ce in ɗebo ruwan sanyi, ta ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Muka wanke ta ita kaɗai, muka zubar, muka sake sabon ruwa da sabon sabulu, har sau huɗu. Duk inda ke da damshi ya saki ya koma fari. Hannun da rana ta busar kuwa ya ƙi, inuwar tabon ta zauna daram. Daga ƙarshe marini aka kai wa rigar ya mayar da ita mai duhu gaba ɗaya, Baba ya ci gaba da sa ta bai taɓa ce mini komai ba, shirun nasa ya fi duka yi mini ciwo.

Muna cikin ɗaurayar nan ne ta gaya mini maganar da na riƙe har yau. Ta ɗago baƙin zanen ta ce, rini iri biyu ne a jikin sabon tufa, akwai ɗan gida akwai baƙo. Ɗan gida ya shiga cikin zare ya zauna. Baƙo a sama yake kwance, kuma baƙo raɓa ne, dole ya tafi. Aikin mai wanki shi ne ta sallame shi ba tare da ya sauka a gidan wani ba.

To, a nan maganar gishirinki ta shigo. Gaskiya ne mun ga ana yi, ni ma na yi shekaru ina yi. Sai da na zauna kusa da masu rini na gane inda abin ya samo asali. Su a cikin tukunyar rini suke zuba gishiri, lokacin da ake turin, don yana taimaka wa launi ya bar ruwa ya hau auduga. Idan tufa ya riga ya fito daga rini ya bushe, gishiri ba ya ɗaure masa komai. Abin da ya sa mutane suke ganin kamar ya yi aiki, jiƙon da ɗaurayar ne suka fitar da rarar rinin, sai a yaba wa gishiri. Ruwan khal ma haka, yana da amfani wajen rina ulu da siliki, amma ba ya hana auduga zuba. Shayi kuwa ɗan launin ƙasa-ƙasa zai ba ki, wanki ɗaya ko biyu ya tafi.

Siket ɗinki ga yadda za ki yi da shi. Ki samu farin ƙyalle ki jiƙa, ki goga a cikin kalmasar ƙasa inda ba a gani. Idan ƙyallen ya ɗauki baƙi, akwai saura. Ki juya siket ɗin bai-bai, ki wanke shi shi kaɗai a ruwan sanyi da sabulu kaɗan, ki zubar, ki ɗauraye, ki yi ta sake ruwa har ki ga tafin hannunki a ƙasan bokiti. Kada ki bar shi a jiƙe ya wuce minti 10 ko 15, kada kuma ki tara shi jiƙaƙƙe a kan wasu kaya kafin shanya, don a nan ma yana ba da launi. Yawanci wanki uku zuwa huɗu ya isa. Idan ya wuce haka yana ta zuba kamar ranar farko, to rinin ne tun asali bai kama ba. Akwai ruwan magani da ake sayarwa na kama rini, ana jiƙa tufa a ciki yadda aka rubuta a jikin kwalbar, yana rage zubar sosai. Idan ba ki samu ba, siket ɗin ya zama mai wanka shi kaɗai har ƙarshen rayuwarsa.

Abin da ke damuna da wankinku na yanzu shi ne gaggawa. A kwashe fari da baƙi da ja a cusa wa inji, a zuba garin sabulu da yawa wai don a ga kumfa, a shanya a tsakar rana a manta har la'asar. Yawancin garin sabulun nan don farin kaya aka yi shi, akwai abin ƙara haske a ciki, wani har da bilic, shi ya sa baƙi yake dusashewa a hannunku cikin 'yan watanni. Kakarmu kan ce baƙin tufa maƙiyansa uku ne, zafi da rana da hannu mai ƙarfi. Ba ta yarda a sa masa burushi ko a cuɗa shi a kan dutse. Wuya da hammata kawai take murzawa a hankali, ta shanya a inuwa inda iska ke bi, a juye, guga ma ta ciki, don dutse mai zafi a kan fuskar baƙi yana bar masa ƙyalli wanda ba ya fita. Kuma ba kowace sawa ake wankewa ba. Idan ba gumi ba tabo, a rataye ya sha iska.

Doguwar rigar kuma, kafin ki kashe ko sisi ki fara duba irin koɗewar. Ki buɗe cikin kalmasa ki gwada da waje, da rana, ba da hasken fitila ba. Idan ko'ina toka-toka ne bai ɗaya, yadin ya ɗan yi tauri, wataƙila da farin sawu-sawu, sau da yawa rinin yana nan, ragowar sabulu ne ya rufe shi, musamman idan ruwanku irin wanda ba ya son kumfa ne. Ki zuba rabin kofi na farin ruwan khal a bokitin ruwa, ki bar rigar ciki kamar minti 20, ki ɗauraye. Nan ne khal yake da aikin yi. Amma ki ji ni da kyau, kada ki taɓa haɗa shi da bilic, hayaƙin da suke fitarwa guba ne.

Idan kuwa kafaɗu da baya sun yi jaja-jaja ko kore-kore alhali cikin kalmasa baƙi ne wuluk, rana ce ta cinye launin, kuma abin da ya tafi sai sabon rini. Shi ma sai yadin ya yarda. Auduga da lilin suna karɓa. Yadin roba, wanda ake rubuta polyester a ɗan ƙyallen wuyansa, ba ya karɓar rinin gida na yau da kullum, za ki gama wahala ruwa ya wanke abinsa. Wanda aka gauraya kuma zai fito da duhu amma ba wuluk ba.

Na rina wata baƙar rigata ta auduga da hannuna, nauyinta a bushe kamar rabin kilo. Na fara wanke ta tas, don maiƙo da sitati suna hana rini shiga. Na ɗora ruwa kamar lita 11 a tsohuwar tukunyar da ba a girki da ita, ya yi zafi yana tururi amma bai tafasa ba. Na narka rinin a ɗan ruwan zafi daban har ba gudaji, kuma na ninka abin da takardarsa ta ce, don baƙi idan aka yi masa rowa toka-toka yake fitowa. Na zuba gishiri kofi ɗaya, ka ga inda gishiri yake da gida. Na sa safar hannu, na tsoma rigar tana jiƙe a warware, na yi ta juyawa da sanda ba tsayawa, musamman minti goman farko, don a nan ne ake samun dabbare idan aka bar ta ta kwanta. Na kai kusan awa ɗaya. A cikin ruwa za ki gan ta baƙa ƙirin tun da wuri, kada wannan ya ruɗe ki, jiƙaƙƙen tufa kullum ya fi busasshe duhu. Na ɗauraye da ruwan ɗumi, sannan na sanyi, har ya fito garau. Ta yi kyau ƙwarai, sai wuri ɗaya a gefen aljihu inda bilic ya taɓa ɗiga, nan ya ɗan fi sauran haske, don rini ba ya daidaita irin wannan tabon. Bayan haka ta koma kamar sabuwa, wato ita ma da baƙonta, sai da na yi mata wanki uku ita kaɗai.

Farar rigar mijinki, idan wankin sabulu bai fitar ba, ki jiƙa ta a ruwan ɗumi da garin cire tabon nan marar warin bilic, wanda ake sa wa kaya masu launi, ta yi awanni, ki duba, ki sake idan da saura. Kada guga ya taɓa ta sai kin ga fari da idonki. Ki duba ƙyallen wuyan doguwar rigar ki aiko mini da abin da aka rubuta, sannan mu san ko ta tukunya ce. Ki gaishe da maigidan, ki kuma ba shi haƙuri da bakinki.