Ƙofar da ke cikin laka

"Oga, Hajiyar nan mai ciwon gwiwa, da na manna mata TENS, na'urar nan mai tura 'yar wutar lantarki ta fata, sai ta ce zogin ya lafa, na kashe da kaɗan ya dawo. Me na'urar ke yi ne, tunda ba magani take ɗura mata ba?"

To ɗana, fara da yatsanka. Ranar da ƙofar mota ta datse ka, sau biyu ka ji ciwo: wani tsau nan take, can kuma sai zogi ya biyo baya yana bal-bal. A fata da gaɓoɓi akwai bakunan jijiyoyi waɗanda ba sa motsi sai an yi ɓarna, ko yanka, ko ƙuna, ko kumburi. Tsau ɗin farko zaren A-delta ne ya kawo shi, yana da rufin kitse kamar robar waya, yana cin mita 5 zuwa 30 a daƙiƙa. Zogin baya kuwa na zaren C ne, tsirara yake, da kyar yake yin mita 2.

Dukansu a bayan laka suke sauke kaya. Nan wata jijiya ke karɓa, ta tsallaka ɗaya ɓangaren, ta haura zuwa talamus, wata tasha a tsakiyar ƙwaƙwalwa, daga can a rarraba wa saman ƙwaƙwalwa. Sai ya isa can ake jin ciwo. Shi ya sa saƙon gwiwar dama a ƙwaƙwalwar hagu yake sauka.

A wannan zangon na laka aikinmu yake. A 1965 masu bincike biyu, Melzack da Wall, suka ce akwai ƙofa a wurin. Jijiyar taɓi, A-beta, ta fi waɗancan kauri da gudu, kuma idan ta motsa tana tayar da wata 'yar jijiya mai gadi wadda ke danne saƙon ciwo kafin ya haura. Da ka yarfa yatsan ka murza shi, mai gadin nan ka tasa. Na'urar kuma murza ce wadda ba ta gajiya. Ƙwaƙwalwa ma tana aiko da nata umarni ƙasa. Tsoro da rashin barci kan sa ta bar ƙofar a wangale, don haka kada ka raina hirar da kake yi da mara lafiya.

Ga Hajiya, sa faifan na'urar biyu da ake mannawa a fata su saka ciwon a tsakiya, ka ɗora a 100 Hz, ka riƙa ƙara ƙarfin wutar a hankali har ta ce tana jin girr mai ƙarfi amma ba zafi. In ta yamutsa fuska, to wutar ta yi yawa, ka taso jijiyoyin da kake son kwantarwa. Bayan 'yan mintoci za ta ce ta daina ji, jiki ya saba, sai ka ɗan ƙara. Jiya na leƙo na ga ka sa ka tafi abinka.

Dawowar zogin kuwa ba laifinka ba ne, gwiwar tana nan da lalacewarta. Lokacin da ya lafa ɗin nan ne za ka sa ta lanƙwasa da miƙewa. Kuma tana da ciwon suga, saboda haka shafa fatar tukuna ka tabbatar tana ji. Inda ya mutu kada ka manna. Mai batirin zuciya kuwa ko kusa.