Rara da giɓi, ko riba da asara?

"Malam barka da aiki. Ina riƙe da lissafin sashen motoci a wani kamfani a nan Garwa. A rahoton ƙarshen wata ana sa F ko D a gaban kowane layi, maigida kuma da Hausa yake so in masa bayani. In ce riba da asara? Kuma da na nuna masa jimla ta yi kyau sai ya ce wai kallon kitse nake wa rogo, me yake nufi?"

Yauwa ɗan'uwa, barka kadai. Don Allah ka ajiye riba da asara, ba wurinsu ba ne. Riba sai an saya an sayar, uwar kuɗi ta dawo da ƙari. Rahotonka ba ciniki yake aunawa ba, yana ɗora abin da aka yi kasafi ne kusa da abin da ya faru a zahiri, a ga tazarar da ke tsakani. In tazarar ta faɗo ta ɓangarenku, wato F, ka ce rara. In ta cije ku, wato D, ka ce giɓi. Rara ita ce abin da ya saura bayan an biya buƙata, giɓi kuwa gurbin da ya kamata a ce a cike yake amma babu, kamar na haƙori.

To amma akwai tarko a nan. A layin kashe kuɗi, in an wuce kasafi giɓi ne, a layin kuɗin shiga kuwa in an wuce kasafi rara ce, shi ya sa alamar ragi ko tarawa kaɗai ba ta gaya maka komai sai ka san wane irin layi kake kai. In kasafi na ginshiƙin B, abin da aka kashe na ginshiƙin C, layin kashewa a Excel na Faransanci haka yake:

```
=SI(C2>B2;"D";SI(C2<B2;"F";""))
```

Na kuɗin shiga sai ka musanya D da F. Masu jan dabara ɗaya tun daga sama har ƙasa, su ne ke wa maigida albishir a watan da ciniki ya faɗi.

Maganar kitse da rogo kuwa, rogo in an ɓare shi fari ne tas, mai kwaɗayi daga nesa sai ya ɗauka kitse ne. Ana faɗa wa wanda zahirin abu ya ruɗe shi. Kuma wallahi maigidanka ya san aiki, bari in buga maka misali da sefa.

A ce an ware wa gazuwal 1,200,000 aka kashe 1,500,000, giɓin 300,000 ke nan. Gyaran motoci an ware 800,000 aka kashe 450,000, rarar 350,000. Albashi 2,000,000 ne, ya tafi daidai. In ka haɗa, kasafi 4,000,000, kashewa 3,950,000, sai F ta fito a ƙasa da rarar 50,000, kai kuma ka ji daɗi. Alhali abu biyu ne manya suka cinye juna a cikin jimlar. Wannan rarar ta gyara daga ina ta zo? In an samu kayan gyara da araha ne, madalla. In kuwa juyen mai aka ɗage, ko makaniki ya yi aiki bai kawo takardar kuɗinsa ba tukuna, to ba rara ba ce, bashi ne ke jiran wata mai zuwa, kuma motar da ba a duba ta ba ita ce ke ƙara shan mai.

Shi ma giɓin gazuwal ɗin ka raba shi biyu, farashi ne ko yawa? In an yi kasafin lita 1,500 a kan 800, aka sha lita 1,875 farashi bai motsa ba, to ba gidan mai za a tambaya ba, direbobi da littafin tafiye-tafiye za a duba. Balle in kuɗin hayar da aka sa ran 5,000,000 ya tsaya a 4,600,000, an ƙara shan mai amma aiki ya ragu! A nan abin da aka sa ran zai rage wa sashen, 1,000,000, ya koma 650,000, giɓin 350,000 ke nan, duk da waccan F ɗin.

Wajen haɗa jimlar sassa zuwa ta kamfani, kar ka ƙirga yawan F da D, kar kuma ka tara kaso cikin ɗari na layuka. Ka tara kasafi daban, ka tara zahiri daban, sannan ka sake fitar da tazara da alamarta daga jimlolin. Ka kula kar `SOMME` ta haɗiye ƙananan jimloli tare da layukansu, kuɗi ya ninka a yi lissafin dokin Rano, `SOUS.TOTAL` da lamba 9 ta fi, don tana tsallake 'yan uwanta.

In ka koma wurin maigida, kafin ka kai ga jimla ka fara da layin gazuwal da na gyara, kowanne da dalilinsa a rubuce a gefe.