Kuɗin da ya tsaya a Pending sannan ya ɓace

Tambayar da aka turo: "Yaya, na sayi kaya ta intanet da katina, manhajar banki ta nuna Pending, kuɗin ya ragu. Yau kwana 8 na duba, layin ya ɓace, kuɗina ya dawo cif, kayan kuma ba su iso ba. Sun fasa ne? In kashe abina?"

Amsar da aka yi da murya, an rubuta ta:

Salamu alaikum. Ƙanwata, kar ki taɓa kuɗin nan tukuna, bari ki ji dalili.

Biya da kati hawa biyu ne, mu ne muke ganin kamar abu ɗaya. Lokacin da kika danna biya, ba kuɗi ne ya tafi ba, tambaya ce ta tafi. Bankin mai kaya ya aika ta hanyar kamfanin katin, Visa ne ko Mastercard, zuwa bankinki: katin nan lafiyarsa lau? Akwai kuɗi kaza a ciki? Bankinki ya duba, ya ce akwai, ya ba da wata gajeriyar lambar amincewa, sannan ya ɗora hannu a kan kuɗin don kar ki kashe shi a wani wuri. Duk wannan cikin daƙiƙoƙi kaɗan. Shi ne Pending ɗin da kika gani. Kuɗin yana nan a asusunki, riƙe shi kawai aka yi.

A ce kina da dubu 100, kayan na dubu 30 ne. In manhajarki tana nuna layi biyu, za ki ga na ainihin abin da ke asusu yana nan dubu 100, amma wanda aka rubuta Available balance ya koma dubu 70. To wannan giɓin shi ne riƙon.

Hawa na biyu, mai kaya ne zai dawo ya ce: kuɗin nan da aka amince mini, yanzu a ba ni. A allonsa ciniki yana tashi daga Authorized ya koma Captured. Masu shago galibi a ƙarshen yini suke tattara cinikin ranar su tura gaba ɗaya, bayan kwana ɗaya zuwa uku kuɗin ya fita da gaske. Amma masu sayarwa ta intanet da yawa ba sa nema sai ranar da suka ɗora kaya a hanya.

To kin ga inda matsalar take? Banki ba ya riƙe kuɗi har abada. In mai kaya bai zo ya karɓa ba, riƙon yakan saki da kansa, yawanci wajen mako guda. Na otal da hayar mota ne yake iya kaiwa wata guda. Da ya saki, layin zai ɓace, dubu 100 ɗinki ta dawo. Ba maido miki aka yi ba, don tun farko bai fita ba.

Shi ya sa ɓacewar kaɗai ba ta gaya miki komai. Ko dai sun soke cinikin sun sanar da banki ya saki, ko kuwa wa'adi ne ya cika alhali odarki tana nan da ranta. A wajen bankinki duka biyun kamarsu ɗaya. In na biyun ne, ranar da kayan suka tashi za su sake neman kuɗin a katin, wani lokaci ma su turo a cire a kan tsohuwar amincewar. In kin riga kin kashe, ko a ƙi biya odar ta lalace, ko asusun ya shiga bashi. Ni ya taɓa faruwa da ni, na ɗauka garaɓasa ce, bayan kwana goma sai ga alat.

Saboda haka shiga shafin da kika yi sayayyar ki duba matsayin odar, ki duba imel ɗinki. In babu saƙon sokewa a rubuce, ki ɗauka dubu 30 ɗin nan ba taki ba ce.

Af, wani abu kuma, tunda wasu a nan za su ci karo da shi. Wani lokaci za ka ga kamar an cire sau biyu, musamman in abin da aka karɓa a ƙarshe ya bambanta da wanda aka riƙe. Duba da kyau: in ɗaya Pending ne, ɗayan kuma ya zauna, ba cira biyu ba ce, tsohon riƙon ne bai saki ba tukuna. Banki ma galibi ba zai buɗe maka ƙorafi a kan abin da bai zauna ba, mai kaya za ka kira ya aika a saki riƙon. In duka biyun sun zauna a bayanin asusu, to nan ne za ka ɗauki rasit da kwanan wata ka kira banki.