Hukuncin neman bayanin kayan da ke sito da lokacin isowarsu kafin odar kayan Sallah

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da shadda a Kantin Kwari. Ina so in yi odar dila 200 daga Guangzhou domin Ƙaramar Sallar 2027. Kafin in tura kuɗi na nemi mai kayan ya rubuto mini abin da yake da shi a sito, da kwanakin da kaya za su ɗauka kafin su iso. Ya ce dila 120 suna ƙasa, 80 kuma masaƙa za ta yi su cikin kwana 25, jirgi "kamar kwana 45", kuma in ba da kashi 30 cikin ɗari na kuɗin yanzu. Yayana ya ce wannan bincike mugun zato ne ga mutumin da muka daɗe muna hulɗa, ya kuma ce ko kayan sun makara ba ni da hakki a kansa, tunda alƙawari ba bashi ba ne. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Alhaji, neman wannan bayani halal ne, babu saɓani. Ba mugun zato ba ne, domin ciniki ba ya inganta sai an san abin da ake saye, kuma ayar da ta fi tsawo a Alƙur'ani umarni ce da rubuta bashi tsakanin muminai. Dukiyar da za ka tura ma, wataƙila akwai ta mutane a ciki.

Abin da ya tsayar da ni a tambayarka shi ne rabuwar kayan gida biyu. Kai kana ganin oda ɗaya ce, a shari'a kuwa ciniki biyu ne, kuma da ba ka nemi bayanin ba da ka haɗa su ba ka sani ba.

Dila 120 da suke sito kaya ne da suka wanzu amma ba sa gabanka. Sayensu bisa siffa ya halatta. Imamu Malik a Muwaɗɗa ya halatta sayen dilolin tufafi bisa takardar da ke bayyana abin da ke cikinsu ba tare da an kwance su ba. Sai dai takardar ta zama cikakkiya: irin shaddar, launi, yadi nawa ne a bandir, bandir nawa ne a dila, da ranar da aka ƙirga. Ka kuma tambaye shi kai tsaye ko akwai waɗanda aka riga aka sayar wa wani a cikinsu, domin kaya kan cika sito alhali rabinsu na wasu ne, jirgi kawai suke jira. Wani abu kuma da 'yan kasuwa da yawa ba su sani ba: a mazhabar Malikiyya bai halatta a sharɗanta biyan kuɗi nan take ba a kan kayan da suke nesa irin wannan, saboda idan ba su zo yadda aka siffanta ba, kuɗin ya koma kamar rance a hannunsa. Mafita ita ce wakilinka a can ya je ya gani da ido, ya karɓa a madadinka, sannan a biya.

Dila 80 da ba a saƙa ba kuwa bashi ne a wuyansa. Idan salam kuka ƙulla, wato sayen kaya bisa siffa a kawo su daga baya, dole ka biya kuɗinsu duka a farko, Malikiyya sun yi rangwamen kwana 3 kawai. Kashi 30 ba ya isa a salam. Amma tunda abin da ake ƙerawa ne, ina ba ka fatawa da ƙulla shi a matsayin istisna'i, wato kwangilar ƙera kaya, kamar yadda Hanafiyya suka tafi, kuma Majalisar Fiƙihu ta Duniya ta tabbatar a zamanta na Jidda a 1992 cewa ana iya jinkirta kuɗinsa ko a biya kashi-kashi, da sharaɗin a fayyace siffa da lokaci.

Lokacin nan shi ne inda za a cuce ka idan ka yi sakaci. "Kamar kwana 45" hasashe ne, kuma hasashe ba ajali ba ne. Ka yi amfani da shi wajen lissafi, sannan ku rubuta rana. Ana sa ran azumin 2027 zai kama wajen 8 ga Fabrairu. Ka fi ni sanin cewa teloli kan daina karɓar ɗinki tun azumi bai yi nisa ba, 'yan sari daga ƙauyuka da Nijar kuma tun Sha'aban suke shigowa. Mu ce kana son kaya a shago tsakiyar Sha'aban, wajen 24 ga Janairu. Haɗa kwana 25 na saƙa da 45 na teku, ka ƙara mako 3 na fitar da kwantena daga tashar Legas da hawowa Kano, ka tashi da kusan wata 3. Ke nan odar da ta wuce ƙarshen Oktoba 2026 ta shiga haɗari, ko da komai ya tafi daidai. Kuma sabuwar shekarar Sinawa za ta faɗo 6 ga Fabrairu, masaƙu su rufe, ma'aikata su tafi garuruwansu. Idan aka sami tawaya, babu damar oda ta biyu.

Maganar yayanka cewa alƙawari ba bashi ba ne tana da asali. Malamai da yawa sun ce cika alƙawari mustahabbi ne, alƙali ba ya tilasta shi. Amma ɗora wannan magana a kan lamarinka kuskure ne. Waɗancan malamai suna magana ne a kan alƙawarin alheri, kamar wanda ya ce zai ba ka kyauta ko rance, wanda bai karɓi komai daga gare ka ba. Naka kuwa mutum ne da ya faɗi lokaci domin ya sami cinikinka, kuma ya karɓi kuɗi a kansa. Ko a alƙawarin alherin ma, mashhurin Malikiyya shi ne idan ka shigar da mutum cikin ɗawainiya saboda alƙawarinka, to ya lizimce ka. Balle ranar da aka rubuta cikin yarjejeniya: wannan ta tashi daga alƙawari ta zama sharaɗi, kuma musulmi suna kan sharuɗɗansu. Shaddar Sallah da ta iso bayan Sallah ba ita ka biya kuɗi dominta ba, jarinka zai kwanta har Babbar Sallah, wataƙila yayin launin ya wuce. Inda yayanka zai yi gaskiya shi ne idan ka bar maganar a "kamar" da "in sha Allahu" ba tare da rana ba. A nan ba ka da abin kamawa. Don haka ku rubuta ranar da zai loda kaya a jirgi, domin ita ce a hannunsa, da abin da zai biyo baya idan ya saɓa: ko ka fasa, ko a rage wani abu sananne daga kuɗin. Wannan ragi ya halatta a istisna'i, bai halatta a salam ba. Jinkirin da ya zo daga teku ko tasha ba da sakacinsa ba, kada ka ɗora masa.

Ina kuma yi maka nasiha da abin da ba ka tambaya ba. Takardar da ya ba ka amana ce. Kada ka nuna wa abokin gasarsa don a rage maka farashi, kuma kada ka nemi irinta wurin wanda ba ka da niyyar saye a hannunsa. Sannan kada ka fara karɓar kuɗin 'yan sari kana sayar musu da dilolin da ba su zama naka ba, ka san hanin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa Hakimu ɗan Hizamu. Yayanka kuma ka yi masa bayani da ladabi, ka nuna masa lissafin kwanakin nan. Idan da jarinsa a cikin odar, kada ka tura ko sisi sai ya amince.

Wallahu a'alam.