Layin da ke hoton ƙashin gwiwar hannun yaro

Tambaya: Ɗana mai shekara 7 ya faɗo daga bishiyar mangwaro a nan Maradi, gwiwar hannunsa ta kumbura. An ɗauki hoton ƙashi, na ga baƙin layi, amma likita ya ce a ɗauki lafiyayyen hannun ma. Me ya sa?

Amsa: Allah ya ƙara sauƙi, 'yar'uwa. Ba kowane baƙin layi ba ne karaya. A ƙarshen ƙasusuwan yaro akwai guringuntsi, daga nan ƙashi ke ƙara tsawo. Guringuntsi ba ya fitowa fari a hoto, sai ya yi kama da tsaga. Shi wannan layin gefensa sumul ne, kuma wurinsa sananne ne; na karaya kan zo da kaifi ko karkace.

Gwiwar hannu ta fi rikitarwa, domin wurare 6 ne ke zama ƙashi ɗaya bayan ɗaya, daga wajen shekara 1 zuwa 11. A shekarun ɗanki, akwai ɗan ƙashi a gefen ciki na gwiwar, kamar ƙwayar gujiya, zaune shi kaɗai. Haka aka saba gani ga yara, amma faɗuwa na iya fizge shi daga mazauninsa. In aka jera hotunan biyu aka ga tazararsa ta fi ta lafiyayyen hannun, to ya goce. Sai likita na kokwanto yake neman wannan hoton.

Ko hoto ya fito lafiya, in an danna daidai guringuntsin, yaron ya yi ƙara don zafi, akan sa filasta a sake hoto bayan kwana 7 zuwa 10. Kafin nan kada a kai shi wurin mai ɗori a ja hannun. In yatsunsa suka yi sanyi ko suka ƙi motsi, ku koma asibiti nan take.